Tabulet ɗin yara da na saya a ƙaramar sallah: 7 x 8 ta kwance min zani a kasuwa

Wata biyu ke nan da sayen tabulet ɗin nan mai rigar roba shuɗiya da kunnuwa kamar na zomo, irin wanda ake ta tallarsa a sitatus an ce "ilimi zalla, manhajoji sama da ɗari a ciki". Kuɗin kun san shi ba sai na faɗa ba, barka da sallar yaran na haɗa na cika da nawa. Yara uku gare ni, Abba shekara 9, Ummi 4, sai Auta wata 16, na ce kyauta ɗaya ta ishe su su raba. Nan na fara kuskure amma bari in bi a hankali.

Abin da ya ja ni tun farko shi ne agogon da ke ciki, mai shagon ya nuna min da hannunsa, ya ce Hajiya sa minti 60 kawai za ki yi, yana cika zai kulle kansa sai ke kaɗai za ki buɗe. Sati na farko kuwa abin gwanin sha'awa, minti 60 na cika wani ɗan zomo ya fito yana hamma sikirin ya yi duhu, Ummi ta ɗan yi kukanta ta haƙura. Har yaba shi na yi a gurup ɗin gidanmu, ƙanwata ta je ta sayo wa nata, ita ma har yau ban gama ba ta haƙuri ba.

Sai na fara lura Abba ba ya tashi asuba da daɗi, malamin Islamiyya ma ya aiko cewa yana gyangyaɗi a hadda. Na zaci zazzaɓi ne ke neman kama shi. Wani dare an ɗauke wuta na tashi wajen ƙarfe 1 zan duba su saboda sauro, na ga haske shuɗi yana fitowa ta cikin zanin rufarsa. Na yaye. Yaro na kwance rub da ciki yana tseren mota, ya kashe murya tsaf, idon nan ya yi jajir. Na ce Abba wa ya buɗe ma? Ya ce Mama ni na buɗe, ai tambayar ba wuya. Ya nuna min, idan ya kulle ka danna Parents only sai ya tambaye ka lissafi, daren nan 7 x 8 ya kawo, yaron ya buga 56 ko tsayawa tunani bai yi ba. Wallahi tsaye na yi da tocila a hannu na rasa dariya zan yi ko kuka. Makullin da na biya kuɗi dominsa ashe ɗan aji 4 na firamare yana buɗe shi ido rufe, kuma abin haushin, a cikin tabulet ɗin ya ƙara haddace jadawalin sau. Na laluba ko'ina babu inda ake canza tambayar zuwa lambar sirri. Da na kira mai shagon cewa ya yi ai yaronki ne Allah ya ba kwanya, Hajiya ki gode wa Allah. Na gode, amma ba shi na tambaye ka ba.

Manhajoji ɗarin nan kuma da na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, fiye da rabi wasan mota ne da kwalliyar 'yar tsana, kana kunna data talla ta cika fuska, wata tallar ma ba ta dace yaro ya gani ba. Akwai wata ta koyon ABC da na gwada da gangan ina danna amsar da ba daidai ba, tauraro uku take ba ni da tafi raf raf raf. Ashe shi ya sa Ummi ke "cinyewa" kullum alhali ba ta bambance b da d. Tun ranar duk manhajar da zan bar musu sai na yi mata gwaji da kaina minti 10: in ba da amsar banza in ga ko za ta gyara min, sannan in sa Airplane mode in ga ko za ta yi aiki ba data. A Play Store kuma kafin in sauke ina duba ƙasan sunan, in na ga Contains ads ko In-app purchases sai in yi gaba, in akwai alamar Teacher approved hankalina ya fi kwanciya duk da ita ma ba ta hana ni gwadawa.

Gaskiya daga nan raina ya ɗan yi sanyi da abin, don dai Android ce a ciki, sai na goge tarkacen da suka yarda su gogu na ɗora Family Link, manhajar Google da iyaye ke kula da na'urar yara da ita, na haɗa da wayata. Can lambar iyaye a wayata take kuma canzawa take yi, ba lissafin aji 4 ba. Na sauke wa Ummi Khan Academy Kids, kyauta ce ba talla, ta 'yan shekara 2 zuwa 8, ana iya sauke wasu littattafan a ajiye don lokacin da ba data, sai dai Turanci ne don haka zama nake kusa da ita ina fassara mata. Abba na sa masa ScratchJr, an rubuta na 'yan 5 zuwa 7 ne amma shi da bai taɓa yi ba ya ishe shi, yana jera bulo-bulo kyanwa na tafiya tana tsalle, ran nan ya haɗa min labarin akuyar da ta shiga kicin har da muryarsa a ciki.

Rabon lokaci shi ya fi ba ni wahala. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 na bi wa ƙananan: wanda bai kai shekara 2 ba babu ruwansa da zaman kallon sikirin, daga 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Don haka Auta ba ya taɓawa sai in Hajiya kakarsu ta kira a bidiyo ya ɗaga mata hannu. Ummi minti 30, saboda tana kallon katun a talabijin ita ma cikin awar nake lissafa shi. Ƙa'idar tasu a 'yan ƙasa da shekara 5 ta tsaya, na Abba ni da Abbansu muka yanke, minti 45 ranar makaranta bayan Islamiyya da aikin gida, Asabar da Lahadi awa ɗaya da rabi, ƙarfe 8 na dare kuma ya kulle sai safe.

To amma ga wani abin takaicin, tabulet ɗin ba ya yarda a buɗe wa kowane yaro ɓangarensa, asusu ɗaya ne, agogon kuma bai san hannun wa ke riƙe da shi ba. In Abba ya riga ɗauka ya cinye har da na Ummi, sai kuka da "Mama kin fi son Yaya". Dabarar da na yi ita ce na sa wa kowace manhaja iyakarta daban, ta Ummi 30 ta Abba 45, shi ba ya sha'awar tata ita kuma ba ta gane tasa, rigima ta ragu. Har yanzu dai kullum sai ta tambaye ni don me nasa ya fi yawa, in ce in kin kai tsawonsa za a ƙara miki, yanzu kullum tana bakin ƙofa tana gwada tsawo.

Da tauraro uku na yi niyyar ba shi saboda rigar robar, Auta ya wurgo shi daga kan gado sau biyu bai fashe ba. Amma ina cikin rubutun nan na tuna an rubuta 4GB RAM a kwali, da yaron maƙwabta mai gyaran waya ya duba ya ce 2 ce, shi ya sa yake tsayawa cak in Ummi na tsakiyar karatu, mintinta na tafiya a banza. Ga bakin caji da ya fara rawa tun sati na uku sai an tokare shi da littafi. Biyu na ba shi, ɗayan ma na rigar ne.