Tallan Facebook zuwa garuruwa da yawa: a zaɓi harshe ko a zaɓi gari?

"Jama'a ina sayar da turaren wuta da humra a Kano, ina aikawa Zariya, Katsina, Maraɗi da Damagaram, akwai ma masu saye daga Akara. In sa Hausa a wajen Languages in haɗa ƙasashen duka a talla ɗaya, ko in bi gari-gari? Kuɗina na ta tafiya amma saƙo daga Kano kawai yake shigowa."

Hajiya ni dai nawa shi ne ki bi gari-gari ki bar akwatin Languages ɗin nan wayam, amma bari in ajiye miki su biyun kusa da juna ki gani da idonki.

Hanyar harshe ita ce mai daɗin ji, tunda kwastomominki Hausawa ne ai sai a ce wa Facebook nemo min masu jin Hausa duk inda suke shikenan. Matsalar ita ce shi Facebook ba ya zaune a tsakar gidan mutum yana jin yaren da yake yi da 'ya'yansa, abin da ya fi dubawa shi ne harshen da mutum ya saita manhajarsa da irin abin da yake ta'ammali da shi a ciki. To ki ɗauki wayar duk wanda ke kusa da ke yanzu ki duba, yawanci da Turanci take. Ta mutumin Maraɗi da Faransanci za ki same ta, ta ɗan Garwa a Kamaru haka, ta Bahaushen Sudan kuma Larabci. Duk Hausa suke yi daga safe har dare amma wayoyinsu ba su faɗi haka ba, kenan in kika matse da harshe kin rufe ƙofa a fuskar masu sayen naki da hannunki. Ki gwada ma ba sai an ba ki labari ba, a Ads Manager ki sa gari ɗaya ki kalli adadin da ke ƙarƙashin Estimated audience size, sannan ki cika akwatin harshen ki sake kallo ki ga yadda zai zube.

A hanyar gari kuwa rubutun tallan ne da kansa zai yi miki tankaɗe. Wanda ba ya jin Hausa in ya ga bidiyo ana cewa "ga humra mai kama jiki" wucewa zai yi, wanda ya ji zai tsaya ya taɓa, shi kuma Facebook yana koyo daga masu tsayawa sai ya ci gaba da kai tallan wajen irinsu. A Maraɗi da Damagaram da Katsina ma ba ki da wannan damuwar sam, kusan kowa yana jin Hausa.

Batun saƙon Kano kawai kuma, ba harshe ne ya jawo shi ba, haɗa wurare a ad set ɗaya ne, wato rukunin talla guda da ake sa wa wurare da masu gani. Facebook ba ya raba kuɗi daidai wa daida tsakanin garuruwan da kika lissafa, inda ya ga sakamako ya fi sauƙin samu can yake zuba kuɗin, Kano kuma ta fi Zariya da Katsina da Maraɗi da Damagaram jama'a nesa ba kusa ba, sai ta cinye kasafin Damagaram ba ta ɗanɗana ba. In kina son tabbatarwa ki danna Breakdown ki zaɓi Country ko Region, zai nuna miki nawa aka kashe a kowane waje.

Ga yadda zan tsara shi da a ce naira 10,000 kike kashewa a rana. Kamfen ɗaya, ad set uku, kuma kasafin a kan kowane ad set za ki sa shi ba a kan kamfen ba, in ba haka ba an koma gidan jiya. Na farko Kano da Zariya da Katsina, 5,000, farashi da naira. Na biyu Maraɗi da Damagaram, 3,000, farashi da sefa, ki rubuta shi da lambobi ƙarara kamar 5.000 F saboda su can da dala da jikka suke lissafi, kuma ki faɗi yadda kaya ke isa da yadda za a biya tun a cikin tallan domin tambayar farko da za su yi kenan. Damagaram da sunan Zinder za ki neme ta a akwatin. Na uku Akara, 2,000, farashi da sidi. Kar ki wuce haka wajen yankawa, in kika yi ad set takwas da wannan kuɗin kowanne zai samu abin da bai kai ya kawo ba, Facebook na buƙatar sakamako wajen 50 a mako kafin ad set ya fita daga Learning, wato matakin koyo, ya daidaita.

Akara ce inda lissafin ya ɗan bambanta, nan ne mai goyon bayan harshe yake da hujja, don in kika zaɓi birnin gaba ɗaya yawancin masu gani ba sa jin Hausa. Amma maganin ba harshe ba ne, matse wurin ne. Ki yi Drop pin a kan Nima ki ba shi kilomita 2 ko 3, zai kwaso Mamobi a ciki, in za ki ƙara Kumasi ki yi haka a Aboabo. Da'irar pin tana sauka har kilomita 1, ta gari kuwa in kin zaɓe shi da suna daga wajen kilomita 17 take farawa zuwa 80.

Wannan 80 ɗin ki yi hankali da ita a Katsina. In kika ja ta har ƙarshe za ta wuce Jibiya ta kwaso wuraren da ke nesa da garin. Kilomita 20 zuwa 25 ta ishe ki. Sannan wajen rubuta Niger ki buɗe ido sosai, jerin zai kawo miki ƙasar Nijar da jihar Neja ta Minna da suna iri ɗaya, mutane da yawa sun tallata wa Bida da Kontagora suna zaton Maraɗi suke. Kano ma haka, akwai jiha akwai birni, in kin ɗauki jiha har Doguwa da Tudun Wada tallan zai je alhali mai babur ɗinki cikin gari kawai yake kai kaya.

Wani zai ce ki koma Google Ads. Don kayanki ban ga amfaninsa ba tukuna, Hausa ba ta cikin harsunan da suke karɓar talla da su, ana iya ƙin tallan da dalilin Unsupported language. In har wata rana kin shiga da Turanci ko Faransanci, ki je Location options ki canza daga Presence or interest zuwa Presence, in ba haka ba wanda ke zaune a Landan yana binciken Kano shi ma zai iya ganin tallan ya danna a cire miki kuɗi.

Ki bar tsarin nan ya yi mako guda ba ki taɓa shi ba, sannan ki ƙirga saƙonnin WhatsApp da lambar farkonsu, +234 nawa, +227 nawa, +233 nawa, kuma cikin kowanne nawa ne suka turo kuɗi ba "nawa ne" kaɗai suka tambaya suka ɓace ba. Inda aka fi biya can za ki matsar da kasafin, kaɗan-kaɗan kamar kashi 20 cikin ɗari a lokaci guda don kar ad set ɗin ya koma Learning daga farko.