Kamfani Ɗaya, Lambar Haraji Biyu: Haɗewa Ko Watsi Da Ɗaya?

"Kamfanina yana da lambar TIN guda biyu. Tsohuwar ce a banki, amma waɗanda suka ba ni kwangila da sabuwar suke cire mini haraji. Shin in nemi a haɗe su, ko kuwa in yi watsi da tsohuwar in ci gaba da sabuwar?"

Alhaji, ka nemi a haɗe su, kuma ka nemi a bar maka wadda tarihin biyan harajinka yake a kanta, wadda galibi ita ce tsohuwar. Dukkan hanyoyin biyu na bi su da ƙafata, ɗaya ta sa na yi asarar kwangila, ɗayar kuma ta dawo mini da kuɗina.

Kafin ka rubuta komai, ka ajiye lambobin biyu kusa da juna ka dubi siffarsu. Lambar da hukumar tara haraji ta tarayya ta riƙa bayarwa, wato FIRS wadda ta koma NRS daga 1 ga Janairun 2026, alƙaluma takwas ce, sai ɗan layi, sai wasu huɗu, kamar 12345678-0001. Wadda ta fito daga hukumar haɗin gwiwa ta JTB kuwa alƙaluma goma ce a jere ba tare da layi ba. Idan ɗaya mai layi ce ɗayar kuma mai goma, ba lallai ne a ce an yi maka rajista sau biyu ba, domin kamfani ɗaya yakan riƙe su duka, abin da ake buƙata kawai shi ne a tabbatar sunan kamfanin da lambar RC, wato lambar rajistarsa a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, da ke kansu iri ɗaya ne. Amma idan dukkansu masu layi ne kuma alƙaluma takwas na farko sun sha bamban, to fayil biyu gare ka, kuma a idon hukuma tamkar kamfanoni biyu ne.

Nawa irin na biyun ne. Na karɓi lambar farko a 2017. A 2021 ina gaggawar cika takardun wata kwangila, takardar lambar ta ɓace mini, sai na ba wani mai shagon kwamfuta kuɗi ya nemo mini ita. Maimakon ya nemo tsohuwar, sai ya yi sabuwar rajista, ya taƙaita sunan kamfanin, ya kuma juya alƙaluma biyu a lambar RC, abin da ya sa ba a gane cewa kamfanin yana da fayil tun da can ba. Na ga lambar ta canja, amma na ce a raina ai duk ɗaya ne, na miƙa ta ga masu kwangila, akantana kuma yana can yana shigar da bayanan shekara da tsohuwar.

Wannan ita ce hanyar watsi da ɗaya, kuma amfanin da zan iya ba ta bai wuce na cewa ba ta cin lokacinka a ranar farko ba.

Kwangilar ta naira miliyan 6 ce, an cire kashi 5 cikin ɗari tun daga tushe kamar yadda ƙa'idar lokacin take, wato naira 300,000. Wannan kuɗi ba ɓacewa yake yi ba, ajiya ce da ake rage maka daga harajin ƙarshen shekara, amma yana sauka ne a kan lambar da mai cirewa ya rubuta. Harajin kamfanina na shekarar ya kama naira 450,000, na zaci 150,000 kawai zan cika. Da akanta ya buɗe shafinmu a TaxPro Max, dandalin intanet na hukumar haraji, sai muka tarar babu ko sisi a wajen ajiyar, domin kuɗin yana can a fayil na biyu. Shi kuma fayil na biyun ba a taɓa shigar da bayanan shekara ko na harajin VAT a kansa ba, don haka yana nuna kamfanin da bai taɓa sauke nauyinsa ba. Takardar shaidar biyan haraji, wadda take duba shekaru uku na baya, ta maƙale, kwangila ta gaba kuma ta wuce ni ina ji ina gani. Lambar da ka daina amfani da ita ba ta mutuwa da kanta, tana nan tana jiran bayanai, tara kuma tana iya taruwa a kanta.

Haɗewar kuwa da wasiƙa ɗaya ta fara. Na rubuta a takarda mai tambarin kamfani zuwa ga shugaban ofishin harajin da tsohon fayil ɗina yake, na kawo lambobin biyu, na faɗi yadda aka yi ta biyun ta samu ba tare da ɓoye komai ba, na kuma bayyana wadda nake so a bari. Na haɗa da kwafin takardar rajistar CAC, da takardun lambobin biyu, da rasitan duk abin da aka taɓa biya a kan kowacce, da takardar shaidar cire naira 300,000 ɗin. Wani dattijon ma'aikaci da ya karɓi wasiƙar ya karanta ta har ƙarshe, sannan ya miƙo mini biro ya ce, "Malam, ƙara layi ɗaya. Ka ce a mayar da ajiyarka kan tsohuwar kafin a rufe sabuwar." Layin nan shi ne ya fi komai daraja a wasiƙar, domin idan aka fara rufewa, bin sawun kuɗin yakan zama wani sabon aikin daban. Ya buga mini hatimin karɓa a kwafina da kwanan wata, kuma da wannan kwafi na riƙa komawa duk mako. Bayan kusan mako bakwai ajiyar ta bayyana a shafinmu, ban biya kowa ko kwabo ba. Har yau idan na tuna dattijon nan nakan yi masa addu'a.

Yanzu ma doka ta ba ka madogara. Dokar gudanar da haraji ta 2025, wadda aka sa wa hannu a 26 ga Yuni, ta hana mai lambar haraji neman wata, ta kuma ce wanda ya gano lambobi fiye da ɗaya ya kai rahoto domin a haɗe su. A sabon tsarin lambar rajistar CAC ce tushen shaidar harajin kamfani, lambar NIN kuma ta ɗaiɗaikun mutane. Saboda haka idan sunan da ke rajistar CAC ɗinka ne yake da kuskure, can za ka fara gyarawa, domin ofishin haraji da takardar rajista yake aunawa. Idan kuma sunan kasuwanci ka yi wa rajista ba kamfani mai Limited ba, harajin kuɗin shigarka na hukumar jiharka ne, can wasiƙar za ta tafi.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma ka yi hattara da masu tsayawa a bakin ofisoshi da masu talla a waya da suke cewa za su goge maka lamba cikin kwana ɗaya. Ba su da ikon goge komai, kuma samun lambar ma kyauta ne. Abin da suka iya shi ne su buga maka takardar bogi ko su buɗe maka ta uku. Kada ka ba kowa kalmar sirrin shafin harajinka, kada kuma ka bari a sa imel ko lambar wayar wani a fayil ɗin kamfaninka.

Tun yau, kafin ma a kammala haɗewar, ka rubuta wa masu kwangilar cewa su koma cirewa da tsohuwar lambar, ka kuma karɓi takardar shaidar duk abin da suka riga suka cire da sabuwar, domin da ita za ka ƙirga abin da ya kamata a mayar maka. Bankin ka bar shi yadda yake, tunda tsohuwar ce a wurinsu.