Kafin ka ɗora hoton iyalinka a manhajar gyaran hoto, sa wayar a Mode avion tukuna

Ni dai idan aka tambaye ni wace manhaja za a saka don gyaran hoton biki ko na sallah, Snapseed nake cewa, kuma ba don ta fi sauran iya ƙawata fuska ba ne. Dalilina shi ne a cikin wayarka take yin aikin, hoton ba ya fita ya tafi kwamfutar wani kamfani a wata ƙasa.

Gwajin ba wuya. Ka sa wayar a Mode avion, ka tabbata wifi ma a kashe yake, sai ka buɗe manhajar da wani hoton da ba ruwanka da shi, ko na bango ne. In ta gyara ta aje, to wayarka ce ke aikin. In ta tsaya tana juyawa tana neman intanet, tura hoton take yi waje. Snapseed na wuce wannan gwaji, ta Google ce, kyauta ce, ba talla, ba ta ce ka buɗe asusu ko ka ba da lambar waya. Za ka ƙara haske a hoton da aka ɗauka cikin zaure, ka yanke gefe, ka goge ƙuraje, duk ba tare da ka taɓa megas ɗinka na Airtel ko Zamani ba. Iyakarta ita ce tsohon hoton kaka da ya dushe ba za ta dawo masa da ido da hanci ba. Amma fa gwajin na nuna ta iya aiki ba rezo ne kawai, bai hana wata manhajar turawa daga baya ba, don haka bayan kwana biyu ka leƙa Paramètres ka ga data nawa ta ci.

Remini kam, mai gyara irin wannan tsohon hoto, sai da intanet, fuskar tana zuwa wurin kamfaninta. FaceApp mai sauya fuska ma haka, kuma a 2019 an yi ta hayaniya kan sharuɗɗanta da suka ba kamfanin izinin amfani da hoton mutum har abada. Shafukan cire bayan hoto da ake samu a Google, galibinsu ɗorawa ce kai tsaye, ba ka ma san mai su ba.

In ya zama dole sai ka ɗora, ka shiga shafin manhajar a Play Store ka sauka wurin Sécurité des données, a nan suke faɗin ko suna tattara hotuna, ko suna ba wasu, ko za ka iya neman a goge. Kamfanin ne ke cikewa da kansa, saboda haka ba rantsuwa ba ce, amma wadda ta ce ba a gogewa ta riga ta ba ka amsa. Sannan izini: daga Android 14 za ka iya ba ta hoto ɗaya da ka zaɓa maimakon galari gaba ɗaya, inda hoton katinka na ɗan ƙasa da risit ɗin Nita da hotunan uwargida ba lulluɓi suke tare. Wani abu kuma da mutane ba su lura da shi, in kamararka na aje wuri, cikin hoton akwai lambobin GPS da za su nuna ƙofar gidanku a Birni ko Zangon da kake. Ɗauki sikirinshot na hoton ka ɗora shi, lambobin ba sa biyo shi, sai dai kyansa ya ɗan ragu.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne manhajojin jabu, waɗanda ake rubuta wa Pro ko Mod, wai an buɗe komai kyauta. Masu tura waƙa da fim a kasuwa su ke zuba wa mutane, ko a gurup na WhatsApp a turo fayil ɗin apk. Ƙanena wani ya saka masa irinta a waya, da buɗewa ta nemi lambobin mutanensa da saƙonnin SMS, me gyaran hoto zai yi da SMS fisabilillahi? Ta nan ne lambar sirrin shiga WhatsApp da ta asusun kuɗi ke shigowa. Daga baya tallan batsa ya riƙa faɗowa ko wayar na aljihu, batir na zafi, sai da aka goge wayar kaf. Wanda ya taɓa cikin manhaja ya cire biyan kuɗi, zai iya ƙara duk abin da ya ga dama, kuma suna da tambari iri ɗaya ne da na asali. Hatta a Play Store akwai masu kwaikwayon suna, ka duba sunan kamfanin a ƙasan sunan manhajar, na Snapseed Google LLC ne. In wayar ta ce ka yarda a saka daga sources inconnues, ka fasa.

Su ma masu cewa a WhatsApp "Hajiya turo hotonki in gyara miki da dala ashirin", ki tambaye shi da me zai gyara, don sau da yawa ɗorawa zai yi a waɗancan shafukan, kwafi kuma ya zauna a wayarsa. Hoton lalle na ƙawayenki ko na ƴaƴan maƙwabta kuma, ki nemi izinin masu shi kafin ya bar wayarki.