Tarwaɗa, ramboshi, ragon ruwa ko ƙurungu: yadda za ka gane su kafin ka biya

Mai kifi ya turo maka hoto a waya daga Yauri ko Haɗeja, ya ce ragon ruwa ne, ka turo kuɗi a sako maka a mota. Abin da kake gani kawai kifi ne mai santsi, marar ɓawo, mai gashin baki. Matsalar ita ce kifayen da suka amsa wannan siffa suna da yawa, kuma ba kuɗinsu ɗaya ba, ba kuma girki ɗaya suke so ba. Kada ka fara da launi. Tarwaɗar da ta tashi a ruwa mai laka da wadda aka kiwata a tankin siminti ba sa yin kala ɗaya, kifi yana koɗewa bayan ya mutu, hasken waya kuma yana ƙara rikita abin. Fara da gadon baya, domin fiffiken da ke kansa ba ya sauyawa da ruwa ko da rana.

A jikin tarwaɗa, fiffiken baya guda ɗaya ne, dogo, mai laushi, ya taso daga bayan kai ya miƙe har dab da wutsiya ba tare da ya yanke ba. A ƙarƙashin ciki ma akwai wani dogon irinsa da ya kama daga tsakiyar jiki zuwa wutsiya. Wutsiyar kuma zagayayya ce kamar mafici. Kan faffaɗa ne, mai tauri, da silin gashin baki 8. Idan ka ga waɗannan, tarwaɗa ce ko da me mai kifin ya kira ta. Ita ce mafi sauƙin samu, saboda ita aka fi kiwo, kuma tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iska da ita, shi ya sa take daɗewa da rai a cikin baho da ɗan ruwa kaɗan. Don haka babu dalilin da zai sa ka karɓi matacciyar tarwaɗa a farashin mai rai. Ka kuma tuna cewa kanta ya kai kusan rubu'in tsawonta ko fiye, wato wani kaso na kilon da ka biya ƙashin kai ne.

Ramboshi ɗan uwanta ne na kusa, kuma nan ne ido yake yawan ruɗuwa. Kai iri ɗaya, wutsiya zagayayya iri ɗaya. Bambancin yana gadon baya: nasa fiffiken ya kasu biyu. Na gaba yana da siraran ƙasusuwa a ciki kamar na tarwaɗa, na baya kuma tsoka ce mai kauri, ba a ganin irin waɗannan siraran ƙasusuwa a jikinta. A hoto za ka ga na gaban da layi-layi, na bayan kuma sumul. Ramboshi yana girma ya fi tarwaɗa, saboda haka shi ya dace da wanda yake son manyan gunduwoyi na farfesun taro. Masu kiwo suna haɗa irin ramboshi da na tarwaɗa su sami ruwa-biyu, kuma za ka gane shi da wannan tsoka ta baya: tana nan, amma guntuwa ce, ta maƙale kusa da wutsiya. Wannan ba aibi ba ne, kifi ne mai kyau, sai dai kada a sayar maka da shi a matsayin ramboshin kogi.

Yanzu mu koma ga hoton nan da aka ce ragon ruwa ne. Wutsiya za ka fara dubawa. Ta ragon ruwa a tsage take gida biyu kamar buɗaɗɗen almakashi, sau da yawa da siririn zare a ƙarshe. Idan zagayayya ce, magana ta ƙare, ba shi ba ne. Idan a tsage take, hau gadon baya: fiffiken gaba gajere ne, tsayayye, da ƙaya a gabansa, sannan wata doguwar tsoka ta biyo bayansa. Gashin bakinsa na sama dogo ne ƙwarai, idan aka kwantar da shi a jiki yana kaiwa tsakiyar ciki ko ya wuce. Fiffiken ƙarƙashin ciki kuma gajere ne, ba kamar na tarwaɗa ba. Sai waɗannan sun haɗu za ka yarda.

Akwai wanda yake shiga rigar ragon ruwa a nan, wato warushe. Shi ma wutsiyarsa a tsage take, jikinsa da ɗan fari-fari, amma idonsa babba ne, gashin bakinsa bai kai wancan tsawo ba, tsokar bayansa kuma 'yar ƙarama ce, da tazara mai yawa tsakaninta da fiffiken gaba. Warushe yana da daɗi, amma a saye shi da sunansa. Ragon ruwa ya fi tsada ne saboda farin namansa mai ƙarfi wanda ba ya dagargajewa a tukunya ko a mai, ga ƙarancin ƙaya. Sai dai ba ya jure rashin ruwa kamar tarwaɗa, don haka idan daga nesa za a kawo shi, tambayi ƙanƙara kafin ka tambayi ragi.

Ƙurungu ba ya ɓuya. Gajere ne, mai tudun baya, kansa kamar an sa masa kwalkwali, bakinsa ɗan ƙarami yana kallon ƙasa. Silin gashin bakinsa 6 ne, kuma na haɓa suna da rassa kamar saiwa. Yana da ƙayoyi uku masu haƙora irin na zarto, ɗaya a baya, biyu a gefe, kuma idan ya miƙar da su sai su kafe. Sukarsu tana da raɗaɗi, shi ya sa masunta suke karya su tun a bakin ruwa, amma kututturen yana nan idan ka duba. Kifin romo ne da miya. Wanda yake neman tsoka ya cika faranti zai ga kai da ƙashi sun cinye masa kuɗi.

Duk wannan ba zai yi aiki ba idan hoton bai nuna abin da ake nema ba. Hoton tarin kifi a baho daga sama kawuna kawai yake nunawa, kuma ta kai kaɗai da wuya ka raba tarwaɗa da ramboshi. Ce wa mai kifin: "Malam, don Allah ciro guda ɗaya ka kwantar da shi ta gefe a kan tire, ka ɗaga fiffiken baya da yatsa, ka baje wutsiyar." Ya ajiye kwalin ashana a gefensa, domin kifin da aka miƙo kusa da waya da hannu yana ninka girmansa a ido.

Banda kuwa, irin wadda ake kawowa daga Baga da sauran bakin Tafkin Chadi, ta fi wuya, don hayaƙi ya mayar da kowa baƙi, fiffike ya ƙanƙance ya manne, an kuma lanƙwasa kifin wutsiya ta haɗu da kai. A nan sai hannu. Bi gadon bayan da yatsa daga kai zuwa wutsiya: idan kaushin siraran ƙasusuwa ya raka ka har ƙarshe, tarwaɗa ce, idan ya yanke tun da sauran tafiya ya koma sumul, ramboshi ne ko ruwa-biyu. Idan an datse bandar gunduwa-gunduwa, nemi gunduwar wutsiya ko ta kai a cikin kwalin kafin a rufe shi.