Jan lalle ko baƙi ga koren leshi mai adon gwal?

"Ga hoton leshin da zan saka ranar Asabar, kamun yayata ne. Jan lalle zan yi ko baƙi? Ni wankan tarwaɗa ce."

Ƙanwata, na duba hoton sosai. Kore ne mai duhu, kuma hannun rigar ya sauko har wuyan hannu da duwatsun gwal jere a bakinsa. Wannan hannun rigar shi ne zai yanke miki hukunci.

Baƙi, wato dayis, a bayan hannu yake fitowa da kyau, nan ne kuma duwatsunki suke. In mai ƙunshi ta cika wurin da fulawa, zane da dutse za su haɗu su cushe, a hoto ba a gane ko ɗaya. Abin da yake da shi shi ne sauri: cikin awa guda ya bushe kin wanke, ko ranar Juma'a da yamma ma kin samu. Sai dai kafin mako ya zagayo ya fara koɗewa. Kuma rinin gashi ne, akwai sinadarin PPD a ciki, wanda yake sa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa daidai kan layin zanen, wasu bayan kwana ɗaya zuwa uku, wasu kuma sai bayan mako ɗaya ko biyu. In rini ya taɓa yi miki haka ko sau ɗaya, ki bar shi gaba ɗaya.

Ja kuwa tafin hannu da ƙafa yake kamawa, a bayan hannu ba ya wuce ruwan goro. Wannan ya dace da rigarki, domin adon zai zauna a tafi da kan yatsu, ya bar wa duwatsun fili. In ya nuna, jansa mai duhu yana tafiya da kore da gwal, kuma a fatarki zai fito ras. Amma yana son haƙuri. A kwaɓa garin da lemon tsami da ɗan sukari, a yanka salatif, a ɗaure da leda ya yi awa biyar zuwa shida. Da kin cire za ki gan shi ruwan lemo, kada hankalinki ya tashi, sai ya kwana biyu yake rufewa. Don haka Alhamis da safe za ki zauna, ki shafa mai, ki kauce wa wanki da omo.

Ni ja na zaɓa miki. In ranki na son baƙin, siririn layi a bayan yatsu ya isa.

Fuska kuma, kada a sa miki kore a ido don ya yi daidai da riga. Ruwan ƙasa da ɗan gwal a tsakiyar fatar ido, kwalli, sai janbaki mai duhu irin launin lallen. Ki kai wa mai kwalliya kallabin ta gani da rana, domin hasken waya yana sauya kore.