Sitarni ko forajin maƙwabci: wanne ya fi sauƙi a kan lita?

A unguwannin gefen Maradi, inda famfo bai kai ba ko kuma yana zuwa sai tsakar dare, maigida yakan tsaya tsakanin abu biyu: ya kira motar sitarni ta cika masa tanki, ko ya riƙa saye a forajin maƙwabci. Yawancinmu kuɗin da aka faɗa mana muke kwatantawa. Ni kuwa abin da nake so a duba shi ne ruwan da ya shiga randa, da duk abin da aka kashe kafin ya iso.

A fara da mudu ɗaya. Babban bido yana cin lita 25, tano lita 200, wato bido 8. Gida mai shan tano ɗaya a rana yana shan lita 6,000 a wata. Kuɗin da zan sa a nan misali ne, kowa ya musanya da na unguwarsa, don farashin Ali Ɗan Sofo ba lallai ya zama na Zariya ba, na bazara kuma ba na damina ba ne.

A ce maƙwabci yana sayar da bido dala 5, wato sefa 25. Lita ta tashi sefa 1, wata kuma jika 6. Da arha, amma wannan kuɗin bakin famfo ne. In yaran gida ne ke turo kura, to shi ke nan, sai dai a tuna bido 8 kilo 200 ne, kullum, cikin rairayi, kafin a tafi makaranta. In kuwa ɗan garuwa zai kawo, ya ɗora dala 10 a kan kowane bido, lita ta koma sefa 3, wata ya koma jika 18. Kuɗin dako ya ninka na ruwan sau biyu. Sannan a dubi bidon da kyau. Akwai na lita 20, kuma in an jera su a kura ido ba ya saurin rarrabewa. In da shi ake kawo maka a dala 15, litarka ta kusa sefa 4.

Yanzu sitarni. A ce direba ya ce motarsa lita 5,000 ce, kuɗinta jika 15. Lita sefa 3 ke nan, daidai da ruwan ɗan garuwa. A nan ne nake so mai saye ya buɗe ido, domin lita 5,000 magana ce ta baki har sai an auna. Mota kan taso ba a cike ba, ta zubar da wani a hanya, wani kuma ya rage a gindinta. In 4,500 ce ta sauka, bidonka ya tashi daga sefa 75 zuwa wajen 83, watanka ya zama jika 20. Gane wannan ba wuya. Ranar da tanki ya ƙare, ka zuba bido 40 da hannunka, lita 1,000 ke nan, ka tsoma sanda mai tsabta ka yi mata zane. In tankin miƙaƙƙe ne daga ƙasa har sama, sai ka maimaita tsawon zanen sau biyar. Ka tsoma ta kafin a sauke da bayan an sauke, a gaban direba, cikin mutunci.

Tankin ma kuɗi ne. In ka saye shi jika 300 kuma ya yi maka shekara 5, jika 5 ne kowane wata, kusan sefa 1 a kan kowace lita. In kuma tankinka lita 2,000 ne kawai, mota guda ta fi ƙarfinsa, sai kun haɗa kai da gida ɗaya ko biyu kun raba.

Saboda haka, in foraj yana kusa har tiyo zai kai, shi na fi so. Ku sa mita a bakin tiyon, ku yi ciniki a kan lita 1,000, a biya ƙarshen wata, don lissafin ido ya sha ɓata zumuncin maƙwabta. Amma ka tambaye shi tukuna: "Alhaji, injin da wutar NIGELEC yake aiki ko da hasken rana?" In da wuta ne kuma shatonsa ƙarami ne, a watan Afrilu, lokacin da wuta ke yawan ɗaukewa, iyalinsa zai fara ba ruwa, kuma bai yi laifi ba. Ka kuma dubi tazarar forajin da shadda.

Sitarni ta fi dacewa da mai gini, da gida mai yawan jama'a, da wanda foraj ya yi wa nisa. In ita ka zaɓa, ka tambayi inda aka ɗebo ruwan, ka tari kofi ɗaya kafin a jona tiyo, ka ɗaga shi a rana, ka shinshina. In ka ji warin mai ko ka ga maiƙo a samansa, kada ka bari ya shiga tankinka, ko da an rage maka kuɗi.