Kafin ka sa caja a jaka: saƙo daga Jidda

Ƙanena, ka ce in gaya maka ko za ka sayo adafta a Sabon Gari kafin ka taso. Bar kuɗinka. Yawancin soket ɗin Saudiyya irin namu ne na gida, mai baki uku masu kusurwa, don haka duk filogi mai ƙafa uku masu kusurwa zai shiga kai tsaye. Mai ƙafa biyu zagayayyu ne kawai ke son adafta, kuma ta nan ta fi ta kasuwarmu: tana kama filogi gam, da fis a cikinta, kuɗinta 'yan riyaloli. Don Allah ka bar al'adar nan ta tura murfin biro a ramin sama don a cusa mai ƙafa biyu. Filogin yakan zauna sako-sako, ya yi ta tartsatsi har robar ta yi baƙi.

Abin da ya fi damuna shi ne mutanenmu na ɗauka adafta na canza ƙarfin wuta. Ba ta canzawa, baki kawai take sauyawa. Wutar da ke bango ita ce za ta isa cikin na'urarka.

Juya cajarka ka duba ƙananan rubutun da ke jikinta. In ka ga `INPUT: 100-240V ~ 50/60Hz`, hankalinka ya kwanta, za ta yi aiki a Kano, a Makka, har Amurka. Yawancin cajar waya da ta kwamfuta haka suke. In kuwa `120V` kaɗai aka rubuta, kamar kayan gwanjon Amurka, kada ka kusanta ta da soket mai ƙarfin volt 230 irin na nan. Ƙara ɗaya za ka ji, sai ƙauri.

Nan akwai wani tarko da babu shi a gida. Tun 2010 hukuma ta yanke a koma 230, amma wasu tsofaffin gidaje har yanzu suna da soket mai 127. Alamarsa, ka jona butar lantarki ta gida ta yi ta ɗumi ruwa ya ƙi tafasa, ko dutsen guga ya ƙi zafi. Tambayi mai gidan tun ranar farko.

Sai lambar ƙarshe, wato `Hz`, mai nuna sau nawa wutar ke kai-komo a daƙiƙa ɗaya. Tamu 50 ce, ta nan 60. Caja ba ruwanta da wannan. Amma wani maƙwabcina wanzami ya zo da injin askinsa daga Kano, irin mai waya mai karkarwa, an rubuta `50Hz` kaɗai a jikinsa. Bai ƙone ba, sai ƙara kamar janareta, ga shi yana tsinkar gashi maimakon yanka. Ya yi ta murɗa sukurun gefe, bai daidaita ba, dole ya sayi na nan. Naka injin ka bar wa Yaya Babba shi, ka zo da cajojinka kawai.